Yadda ake fitar da jirwayen gumi daga hammata da wuyan riga

Watanni huɗu da fara aikinsa ƙanena ya shigo gidana da leda a hannu. Fararen riguna uku ne masu kwala a ciki, waɗanda ya saya sababbi ranar da aka kira shi aiki. Ya ɗaga hannun ɗaya ya nuna mini hammatar, ta yi rawaya kamar an zuba mata ruwan ɗorawa, wurin ya ƙandare har yana ƙara idan an murza shi. Kwalar kuwa ta yi wani layi mai duhu daidai inda take gogar wuya.

"Yaya, wallahi duk sati ake wanke su," in ji shi. "Har bilic na sa aka zuba, sai abin ya ƙaru."

Na ce masa bilic ɗin ne ya ƙara shi, guga kuma ta zaunar da shi. Riguna biyu sun dawo fari tas bayan kwana biyu, ta ukun ba ta dawo ba, kuma zan faɗi dalili idan mun zo wurin. Abin da na yi musu shi zan bayyana a nan daki-daki.

Me ke cikin wannan rawayar

Gumi shi kaɗai ba shi da launi. Mafi yawansa ruwa ne da gishiri. Amma gumin hammata ya bambanta da na goshi, domin yana fitowa da maiƙo da furotin. Sannan yawancin rol-on da fesawar da ake sayarwa don hana gumi suna ɗauke da gishirin alminiyam, shi ne ke toshe ƙofofin gumin na ɗan lokaci, kuma ana haɗa shi da wani abu mai kama da kakin zuma ko mai don ya zauna a fata. Idan waɗannan suka gamu a cikin zaren auduga, sai su zama wani danƙo da omo na yau da kullum ba ya iya narkarwa. Kowane wanki yana cire na sama ya bar na ciki. Kowace guga tana gasa wanda ya rage. Iska kuma tana aiki a kan maiƙon a hankali har ya rine, kamar yadda man gyaɗa ke barin tabo mai duhu a tsumman kicin idan ya kwana biyu.

Saboda haka tabon hawa uku ne a wuri ɗaya. Akwai ƙandararren ragowar rol-on, akwai maiƙo, akwai kuma launin rawayar kansa. Kowanne da abin da yake ji. Ragowar alminiyam tsami take ji. Maiƙo sabulun wanke-wanke yake ji. Launin kuma sai haidurojin, wannan ruwan da ake wanke ciwo da shi yana kumfa. Wanda ya zuba su duka a baho ɗaya lokaci ɗaya ya yi asara, domin wani yana kashe ƙarfin wani. Bi da bi ake yi, kuma jerin yana da muhimmanci.

Wuyan riga labarinsa ya ɗan bambanta. Ba rol-on a wurin. Maiƙon fata ne da man shafawa da man gashi, sai ƙurar hanya ta zo ta manne a kai. Mai hawa babur a Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san kwala ba ta kai la'asar da haskenta. Don haka wuya ba ya bukatar tsami sosai, abin da yake bukata shi ne a narkar da maiƙon.

Abubuwa biyu da za ka ajiye gefe

Na farko bilic, wanda muke kira haifo ko jik. Ga mai farin kaya shi ne abin da hannu ke fara kaiwa gare shi, kuma a kan tabon shayi ko na miya yana aiki. A kan gumi kuwa akasin haka yake yi. Sinadarin kulorin da ke cikinsa idan ya haɗu da furotin sai ya ƙara masa rawaya. Idan kuma ruwan da kake wanki da shi na rijiya ne ko na burtsatse mai ƙarfe a ciki, bilic yana fito da tsatsar ya zaunar da ita a kan yadin. Ga shi yana cin zare, shi ya sa rigar da ta sha bilic take fara yagewa daga hammata.

Na biyu zafi. Ka tuna yadda farin ƙwai ke daskarewa a kasko. Haka furotin ɗin gumi yake yi idan ya ji tafasasshen ruwa ko dutsen guga. Muddin kana ganin alamar tabo, kada dutsen guga ya taɓa wurin, na lantarki ne ko na gawayi. Idan kana ba mai wanki kayanka, ka gaya masa da bakinka cewa wannan rigar a wanke kawai a dawo maka da ita ba guga. Ba laifinsa ba ne, shi aikinsa ya miƙo maka kaya a goge.

Kayan da za ka tanada

Farin ruwan kal, wanda ake sawa a salak, ba mai launin ruwan ƙasa ba. Sabulun ruwa na wanke kwanuka, gara marar launi sosai. Bekin soda. Haidurojin daga kemis. Tsohon buroshin haƙori mai laushi, ƙaramar roba, cokalin cin abinci, da leda.

Biyu daga cikin waɗannan suna bukatar bayani. Bekin soda daban take da bakar hoda ta yin kek, kuma nesa take da sodar da ake haɗa sabulu da ita. Wannan ta ƙarshe tana ƙona fata ta cinye yadi, kada ta kusanci aikin nan. Idan ka je wurin masu sayar da kayan fulawa ka ce bekin soda kake so, farin gari ne mai laushi, ɗanɗanonsa gishiri-gishiri kamar na kanwa.

Haidurojin kuma ka duba jikin kwalbar. Wanda muke so mai kashi 3 cikin ɗari ne. Sau da yawa a kemis za ka samu mai kashi 6, to sai ka sirka shi da ruwa daidai wa daida ya dawo 3. Kuma yana mutuwa idan ya daɗe a buɗe ko ya sha haske, shi ya sa ake zuba shi a kwalba mai duhu. Idan tsohuwar kwalba ce a gida, yanka ɗanyen dankali ka ɗiga a kai. In ya yi kumfa yana da rai. In bai yi ba ya zama ruwa, sayo sabo.

Mataki na farko: tsami

Juya rigar ciki ya koma waje, domin daga ciki danƙon ya shiga, nan ya fi kauri. Kafin ka jiƙa, murza wurin da ya ƙandare tsakanin hannayenka, ka bi shi da busasshen buroshi. Za ka ga wani farin gari yana zubowa. Duk abin da ya fita a bushe ya rage maka aiki.

Haɗa kofi ɗaya na ruwan kal da kofi biyu na ruwa mai ɗumi kaɗan, irin wanda za a yi wa jariri wanka da shi. Ba dukan rigar za ka tsoma ba. Tattaro hammata biyun ka cusa su cikin ƙaramar robar, sauran rigar ya rataya a waje. Haka ruwan kal kaɗan zai ishe ka. Bar shi minti 30 zuwa awa ɗaya.

Idan ka ciro, taɓa wurin. Alamar cewa ya yi aiki ita ce taurin ya saki, yadin ya yi laushi, wani lokaci ka ji ɗan santsi a yatsa kamar kakin da ya fara narkewa. Launin rawayar yana nan, kada wannan ya dame ka, ba aikin wannan matakin ba ne. Goga da buroshi a hankali, kana bin tsawon zaren, musamman kan layin ɗinkin hammata inda yadi ya ninku, nan danƙon ya fi taruwa. Idan har yanzu da tauri, mayar da shi wani rabin awa. Rigar ƙanena mafi muni sai da ta yi awa biyu.

Wanda bai samu ruwan kal ba, lemon tsami yana yi. Matse kamar guda huɗu, ka tace, ka ƙara ruwa daidai yawansa. Sai dai a ɗauraye shi sosai, domin ragowar ruwan lemo idan ta bushe a yadi ta ji guga tana komawa ruwan ƙasa.

Daga nan sai ɗauraya, kuma ka yi ta da gaske, ruwa biyu ko uku, har warin kal ya tafi. Dalili shi ne mataki na gaba akwai bekin soda. Tsami da soda idan sun haɗu kumfa suke yi mai ban sha'awa, mutane su ɗauka aiki ake yi, alhali kashe juna suke, abin da zai rage kusan ruwan gishiri ne kawai.

Mataki na biyu: maiƙo

Matse ruwan, ka ɗiga sabulun wanke-wanke kamar rabin ƙaramin cokali a kowace hammata, ka ja layi ɗaya siriri a tsawon kwalar daga ciki. An yi wannan sabulun ne don ya raba mai da kwano, kuma maiƙon jiki ba ya gagararsa. Cuɗa da yatsu har ya ratsa, ka bar shi minti 15.

A kan kwala nan ne babban aikin yake, don haka bari in daɗe a kai. Shimfiɗa kwalar a kan wuri mai tauri, bayan faranti ko murfin bokiti, ka buɗe ninkin ta kwanta. Layin dauɗar yana daidai kan ninkin ne. Goga da buroshi daga gefe zuwa gefe, da gajerun ja, ba da ƙarfi ba. Za ka ga kumfar tana komawa toka-toka. Ɗauraye, ka sake ɗiga sabulu, ka sake gogawa, har kumfar ta fito fara. Abin da na hana kaina shi ne kama kwala da hannu biyu ana dirza ta da juna kamar yadda muka saba da wanki. A cikin kwalar shat akwai wani yadi mai tauri da aka manna da gam. Dirza tana ɓamɓare shi, kwalar ta yi ƙuraje-ƙuraje da guga ba ta kwantar da su, bakinta kuma ya fara tsefewa. Da yawa daga cikin rigunan da ake yarwa saboda kwala ta mutu, hannun mai wanki ne ya kashe ta kafin wuyan mai ita.

Idan akwai 'yan ƙananan robobi da ake zurawa a bakin kwala don ta miƙe, zare su kafin ka fara.

Ga kwalar da ta yi baƙi ƙirin ta farar auduga, kanwa tana taimakawa, kuma iyayenmu sun daɗe da sanin haka. Dangin bekin soda ce, ta ma fi ta ƙarfi wajen yanka maiƙo. Jiƙa farar kanwa kamar girman goro a cikin lita ɗaya ta ruwa, ka bari yashin ya kwanta, ka tsiyaye ruwan sama ta cikin ƙyalle, ka jiƙa kwalar a ciki minti 20 kafin sabulu. Jar kanwa kada a yi da ita, tana barin nata launin. Aibin kanwa ɗaya ne, ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan, shi ya sa ban yarda a kai ta kan kaya masu launi ba.

Da yawa daga tabon wuya a nan suke ƙarewa. Idan bayan ɗauraya kwalar ta yi fari, ba sai ta shiga mataki na uku ba.

Mataki na uku: fitar da launin

Ga awon riga ɗaya: cokali 2 na bekin soda, cokali 2 na haidurojin mai kashi 3, cokali 1 na sabulun wanke-wanke. Dama su a roba ko kofin tangaran har su yi kaurin koko mai kauri. Kada ka dama a kwanon ƙarfe, kuma ka haɗa iya wanda za ka yi amfani da shi yanzu. Ba a ajiye shi, domin yana fitar da iska a hankali, idan aka rufe shi a gora zai kumbura ta, ƙarfinsa kuma ya tafi.

Rigar ta kasance da danshi, ba tana ɗiga ba. Shafa haɗin a kan tabon daga ciki, ka wuce iyakarsa da faɗin yatsa ɗaya, don kada a samu zobe a gefe. Juya ka shafa ta waje ma. Bi da buroshi sau kaɗan don ya shiga zaren.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke faɗuwa ba su sani ba. Haidurojin yana aiki ne muddin wurin yana jiƙe. Da ya bushe, aiki ya tsaya. A ƙasarmu kuwa, da rani ko lokacin hunturu, haɗin nan yana iya bushewa cikin 'yan mintuna ya zama ɓawon gari. Sai mutum ya dawo bayan awa ɗaya ya ga tabo na nan, ya ce maganin ƙarya ne. Don haka naɗe wurin ka saka rigar cikin leda, ka ninke bakin ba tare da ɗaurewa tam ba, ka ajiye a inuwa. Awa ɗaya ga tabon 'yan makonni. Awa biyu zuwa uku ga wanda ya yi watanni. Ka leƙa a tsakani, in ya fara bushewa ka ɗiga haidurojin kaɗan.

Idan fatar hannunka mai saurin tsagewa ce, sa safar roba. In yatsa ya yi fari-fari bayan taɓa haidurojin, wanke da ruwa, zai koma daidai.

Bayan lokacin ya cika, sake gogawa kaɗan, ka ɗauraye, sannan ka wanke dukan rigar da omo kamar kullum. Shanya ta a rana idan fara ce, rana tana ƙarasa abin da ya rage. Kuma kada ka yanke hukunci tana jiƙe. Jiƙaƙƙen yadi yana ɓoye rawaya. Sai ta bushe ƙarau za ka ɗaga ta a hasken rana, ba a hasken ƙwan ɗaki ba, ka duba.

Tsohon tabo ba ya fita a zagaye ɗaya. Idan ka ga ya ragu, ko da rabi ne, hanya ta yi kyau, maimaita mataki na uku washegari. Rigar ƙanena ta farko zagaye ɗaya ta fita. Ta biyu sai da aka yi uku. Idan ka yi zagaye biyu a jere ba ka ga wani canji ba ko kaɗan, tsaya, ƙari ba zai haifar da komai ba sai raunana zaren.

Akwai garin cire tabo da ake sayarwa a manyan kantuna, wanda ake rubuta cewa da iskar oksijin yake aiki ba kulorin ba. Shi ma haidurojin ne a daskare haɗe da soda, yana sakinsa idan ya shiga ruwa. Idan riguna sun yi yawa, ya fi sauƙi: bayan mataki na farko da na biyu, narka shi a ruwa mai ɗumi sosai bisa awon da ke jikin robar, ka jiƙa rigunan awa huɗu zuwa shida. A ruwan sanyi ba ya tashi da kyau.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi. Kada bilic ya haɗu da ruwan kal ko lemon tsami, ko a baho ɗaya ko a kan yadi ɗaya da ba a ɗauraye ba. Haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, kuma a ƙaramin banɗaki marar taga tana iya kai mutum asibiti. Haka kuma kada a zuba kal da haidurojin a gora ɗaya. Wannan ma wani dalili ne na ɗauraya tsakanin matakai.

Idan rigar ba fara ba ce

Haidurojin ya fi bilic sauƙi a kan launi, amma ba a ba shi amana ido rufe. Nemi wuri a ɓoye, cikin kalmasar ƙasan riga, ka ɗiga haɗin, ka jira minti 15, ka goge da farin ƙyalle. Idan launi ya biyo ƙyallen ko wurin ya yi haske, bar mataki na uku gaba ɗaya.

A kan baƙar riga ko shuɗiya mai duhu, abin da ake gani galibi farin jirwaye ne mai kama da alli da kuma tauri. Wannan ragowar rol-on ce da gishirin gumi, kuma mataki na farko da na biyu sun ishe ta. A shanya a inuwa, a juye.

Shadda tana bukatar haƙuri na musamman. Auduga ce, don haka fara tana ɗaukar duk matakan uku, amma ƙyallinta a saman zaren yake, kuma buroshi yana kashe shi. Za ka fitar da tabo ka bar wuri dusashe a hammata wanda ake hangowa daga nesa. A kan shadda yatsa kawai da jiƙo, kuma daga ciki. Rinanniyar shadda kuwa, wadda ta fito daga marina, zuba take yi, ko sirkakken kal sai an gwada a ɓoye. Wuyan kaftani mai aiki shi ma a kula: zaren aikin sau da yawa ba auduga ba ne, launinsa kuma na iya zuba kan farin yadin. Shafa sabulun a bayan aikin, inda ke taɓa fata, ka danna da yatsa, ka ɗauraye da ruwan sanyi da wuri. Zare mai ruwan zinariya ko azurfa kada haidurojin ya taɓa shi.

Siliki da ulu ba sa shiri da soda ko kanwa, domin su kansu zaren furotin ne. Kwat da rigar siliki a kai wa masu wankin inji irin wanda ba a sa ruwa, a nuna musu wurin, a gaya musu gumi ne da rol-on.

Yadin roba, irin na rigunan ƙwallo da yawancin yadin kaftani masu araha, ba ya cika rawaya kamar auduga, amma yana riƙe maiƙo da wari. Idan rigarka tana fitowa daga wanki da ƙamshi, sai ka sa ta minti goma wari ya taso, maiƙo ne ya maƙale. Mataki na biyu za ka daɗe a kai, ka bar sabulun ya yi awa ɗaya.

Wanda ba ya fita

Riga ta uku ta ƙanena haɗin auduga da roba ce, kuma ita ta fi shan bilic. Rawayarta ba ta tsaya a hammata ba, ta bazu har gefen ƙirji, ba ta da tauri, kuma zagaye biyu ba su motsa ta ba. A nan ba wani abu ne ya zauna a kan zaren ba, zaren kansa ne kulorin ya ƙona. Ba abin da za a cire. Na ce masa ya mayar da ita ta zaman gida.

Haka idan riga mai launi ta koɗe a hammata, wurin ya fi sauran jiki haske ko ya koma ja-ja, gumi ne ya ci rinin, sai dai a sake rina ta. Idan ka ja yadin hammata a hankali ka ji yana ƙara kamar zai tsage, zaren ya mutu, wanki mai ƙarfi zai huda shi. Tabon da ya yi ruwan ƙasa mai sheƙi da siffar gindin dutsen guga ƙuna ce. Mai sauƙi takan ragu da haidurojin, mai zurfi ba ta fita.

Akwai kuma rawayar da ba ta gumi ba ce. Idan dukan fararen kayan gidan suna komawa ja-ja gaba ɗaya, ruwan ne ke da ƙarfe. Tara ruwan a buɗaɗɗen baho ya kwana, ka tsiyaye na sama ka yi wanki da shi. Ɗigon turaren mai a ƙirji da kafaɗa kuwa maiƙo ne da launi, sabulun wanke-wanke tun yana sabo shi ne maganinsa.

Bula ba ta cire komai. Tana yaudarar ido ne kawai a kan farin da ya ɗan dusashe. A kan tabo mai rawaya sosai sai ta mayar da wurin kore-kore. A fitar da tabo tukuna, sannan bula, sannan sitaci, sannan guga.

Don kada ya dawo

Rol-on da yawa ba ya ƙara hana gumi, rarar a riga take ƙarewa. Shafa sau biyu a busasshiyar hammata ya isa, kuma a jira ya bushe sarai kafin a sa riga. Mai hana gumi ya fi kama jiki idan an shafa shi da dare bayan wanka, lokacin da jiki ba ya zufa sosai, da safe kuma ba abin da zai goge a yadi. Wanda guminsa ba shi da yawa, wari kawai yake gudu, zai iya komawa wanda ba alminiyam a jerin kayan haɗinsa. Masu shafa alimun su sani shi ma gishirin alminiyam ne, sai dai ba shi da kakin da ke ƙandarar da yadi.

Singiletin da muka saba sawa, mai siririn hannu, bai rufe hammata ba, wurin da ake bukatarsa ke nan kuwa. Farar 'yar ciki ta auduga mai gajeren hannu ita ke tare gumin kafin ya kai ga riga. Man shafawa kuma a rage shi a bayan wuya ranar da za a sa farar kwala.

Rigar da aka yini da ita cikin zafi kada ta kwana uku a dunƙule cikin kwando. In ba za a wanke ta yau ba, ɗiga sabulun wanke-wanke a hammata da wuya, ka cuɗa, ka ɗauraye wuraren kawai, ka rataye. Minti biyu ne. Kayan sallah da na biki su suka fi shiga wannan tarkon: an sa su sau ɗaya, ido bai ga datti ba, aka ninke aka sa a akwati. Bayan wata shida a buɗe a tarar da rawaya a wuya da hammata, domin maiƙon da ba a gani ba ya rine a ajiye. Duk abin da za a ajiye ya daɗe, a wanke shi tukuna, a tabbatar ya bushe ƙarau, kuma a bar sitacin sai ranar da za a fito da shi.